Tagogi Takwas a Bayan Gwaggo

A ƙarshen barandar sashen fata na asibitin akwai wani ɗaki marar taga, wanda ma'aikata ke kira ɗakin haske. Ba komai a cikinsa sai tebur, da labule, da wani dogon akwati da mutum ke shiga a tsaye a rufe shi. Cikin akwatin fitilu ne dogaye a jere kewaye da mutum. In aka kunna su, wani haske mai shuɗi-shuɗi yakan tsiyayo ta ƙarƙashin ƙofar ya kwanta a kan siminti. Shekara shida ke nan Sista, ma'aikaciyar jinya a sashen, take riƙe da makullin ɗakin, kuma har yau ba ta son ƙafarta ta taka wannan hasken.

Mai shara ma, wata dattijuwa mai baki, ba ta shiga sai ta bar ƙofa a buɗe.

"Wannan akwatin naku yana zaɓe," ta taɓa ce wa Sista. "Masu hasken fata su gama maganinsu su yi mana sallama. Irinmu kuwa su zo sau biyar, sau shida, shi ke nan kamar an ɗauke su."

"Kai, Baba, ke dai ba kya rasa magana," in ji Sista, ta yi dariya ta wuce.

A bango akwai tsohuwar takarda mai matakai shida na fata. Na ɗaya fari tas, wanda kullum rana ke ƙona shi kuma ba ya yin duhu. Na shida baƙi wuluk, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba ya ƙonewa. Da wannan takardar ake yanke yawan hasken da za a fara ba marar lafiya: na ɗaya kaɗan, na shida da yawa.

Gwaggon Sista, wadda ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarta, tela ce. Ciwon da likitoci ke kira soriyasis ya kama ta a gwiwar hannu da ƙwauri da kafaɗa: fatar ta yi kauri, ta yi toka-toka, tana zubar da ɓawo. Mata suka fara karkaɗe ɗinkinsu a gabanta kafin su karɓa, wasu suka daina zuwa. Man shafawa ya gaza. Wata uku Sista tana lallashi kafin Gwaggo ta yarda ta zo, bayan likita ya ce hasken zai iya kwantar da ciwon.

Ranar farko Sista ta ɗauko fom.

"Gwaggo, in kin daɗe a rana, fatarki tana yin ja?"

Gwaggo ta dubi hannunta, ta dubi 'yar ɗan'uwanta. "'Yar nan, ni za ki yi wa shaƙiyanci? Ja a ina?"

"To tana ƙara duhu?"

"Wane duhu kuma ya rage?"

Suka yi dariya, Sista ta rubuta shida. Sannan ta yi gwajin da ake yi kafin a fara: ta ɗora wani kwali mai ƙananan tagogi takwas a ƙasan bayan Gwaggo, inda fatar ke lafiya, ta haska kowace taga da ƙarfi daban, daga kaɗan zuwa mai yawa. Washegari ake dubawa a ga tagar da ta fara ja, daga nan a san abin da fatar za ta iya ɗauka. Sista ta duba a ƙarƙashin farar fitilar ɗakin. Bayan nan sumul, ba komai. Ta rubuta "ba ja", ta koma ga jadawalin na shida.

Sau uku a mako Gwaggo take zuwa. Takan tuɓe a bayan labule, don ba ta yarda yarinyar da ta goya ta riƙa kallon jikinta, ta sa baƙin tabarau ta shige akwatin. Kafin nan Sista takan ce, "Miƙo hannu in gani. Ba ja? Lafiya dai?" Gwaggo ta ce lafiya lau. Ƙa'ida kuwa ta ce in ba ja, a ƙara. Sai a ƙara.

A mako na biyu abubuwa suka fara sauyawa a gida. Gwaggo ta daina jingina da kujerar keken ɗinkinta. Da azahar tsaka, ana zufa, sai ta ce sanyi take ji. Ta koma kwanciya rub da ciki. Wata rana Sista na shara a ɗakin ɗinki ta ga ɓawon da ke ƙasa ba irin wanda ta saba gani ba ne, wannan siriri ne kamar na albasa.

"Gwaggo, me ke damun ki?"

"Ba komai." Ta ci gaba da taka keke, can kuma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In na fito daga akwatin nan naku, zuwa yamma sai in ji kamar an ɗora mini tafin hannu a baya. Mai zafi. In na waiwaya ba kowa."

Sista ta tuna maganar mai shara, ta kore ta da sauri. Ta ce ai ƙaiƙayin ciwon ne, warkewa ce ta zo.

Ranar Asabar da hantsi ta shigo ɗakin ɗinki ba sallama, ta tarar Gwaggo ta zame riga tana ƙoƙarin ɗora jiƙaƙƙen tsumma a bayanta. Dogon madubin da mata ke gwada kaya a gabansa yana bayan Gwaggo, kuma a cikinsa Sista ta fara gani. Tagogi takwas a jere, biyu-biyu, baƙi ƙirin fiye da fatar da ke kewaye da su, gefensu a miƙe kamar an ja da rula. Kamar wani gida ne a can cikin bayan, an kashe fitilunsa. Sama da su kafaɗun sun yi wani duhu mai sheƙi, suna saɓa.

Sista ta san kwalin, da hannunta ta riƙe shi. Amma da idonta ta duba wurin nan washegarin gwajin, kuma babu su.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Me?"

"Bayanki, Gwaggo. Akwai tabo takwas."

"Takwas ne? Ni shida na sani." Gwaggo ta kai yatsa baya, ba madubi, ta sauke shi daidai kan ta uku. "Daga wannan suka fara zafi, tun ranar da kika duba. Biyun farko ban ji su ba."

Sista ta zauna a kan tarin yadi. Ta ukun ƙarfinta bai kai ko rabin abin da ta fara ba ta a akwatin ba.

Ranar Litinin likita ya duba bayan a bakin taga, da hasken rana. Ya ɗora bayan hannunsa a kafaɗar, ya ɗora a wurin da haske bai taɓa ba.

"Ƙuna ce, Mama. Za mu dakata har ta warke, sannan mu fara daga ƙasa sosai." Ya juya ga Sista. "Duhun tabon kaɗai ba shaida ba ne, fata irin wannan takan yi duhu ko ba ta ƙone ba. Amma zafin nan, da ciwo in an taɓa, da saɓar, su ne shaida. Jan yana nan tun ranar, launin fatar ne ya rufe shi."

"Likita, takardar ta ce na shida ba ya ƙonewa."

"Takardar nan da fararen fata aka fara ta, matakai huɗu, daga baya aka ƙara biyun ƙarshe. Duk mu nan, da ni da ke da Mama, an zuba mu a gurbi biyu. Mutum biyu launinsu ɗaya, ɗaya ya ɗauki haske da yawa lafiya, ɗaya ya ƙone da kaɗan." Ya shafa goshi. "Ni ma na sa hannu a fom ɗin nan. Ban ko taɓa fatar Mama ba."

Bayan an tashi, Sista ta koma ɗakin haske ita kaɗai. Ta jawo durowar ƙasa, inda take ajiye katunan waɗanda suka daina zuwa. Ta shimfiɗa su a tebur. Direba, malamar makaranta, wani tsoho mai gyaran agogo da ke kawo mata alewa. Matakin fatarsu: biyar, shida, shida. A kowane kati layi bayan layi da rubutunta mai kyau: ba ja, a ƙara, ba ja, a ƙara. A ƙasan kowanne kuma ta rubuta "bai dawo ba", wani wurin har ta ƙara da "rashin bin magani". Ba ta san nawa ne daga cikinsu suka ƙone ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai tayar mata da tsigar jiki. Akwatin na tsaye a bayanta, ƙofarsa a ɗan buɗe. Ta kasa juya masa baya, sai da ta zagaya ta ɗaya gefen teburin.

A gida ta tarar Gwaggo kwance rub da ciki a tabarma. Ta durƙusa da kwalbar man da likita ya rubuta.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kin tambaye ni ja, na ce babu. Ƙarya na yi?"

"Na tambaye ki lafiya."

"A wurin aikinki, likita na wucewa, in ce 'yata na ƙona ni? Su ce ba ki iya ba?" Ta gyara kwanciya a hankali. "Na ɗauka haka maganin yake, sai da zafi."

Hawaye suka zubo wa Sista, kunya ta ishe ta. Wannan bayan ne ya goya ta shekara biyu.

"Bar kukan nan, kina ɗiga mini gishiri a ciwo," in ji Gwaggo. "Rufe idonki, tunda su suka cuce ki. Sa hannu."

Ta rufe ido ta ɗora tafinta. Nan take ta ji shi: inda ke da sanyi, inda ke huci, har iyakar da zafin ya tsaya. Duk abin da ta yi mako biyu tana nema yana nan a ƙarƙashin hannunta.

"Za ki koma, Gwaggo?"

"Zan koma, ɗinki na jira na. Amma ki riƙa tambayata zafi."

"Zan riƙa."

Can Gwaggo ta ce, fuskarta a cikin matashi, "Ni don ke na yi ta dawowa. Waɗancan da kika ce sun daina zuwa, akwai lambar wayarsu a katin?"

"Akwai."

"To wanke hannunki ki fara."