Bakin Garma Biyu

A shekarar da kuɗin mai suka sa kowane manomin auduga ya ce shi ma sai ya mallaki garmar shanu, ni Sallau ina ɗaure kaya a sito ɗin Alhaji Rufa'i, Bakatsine, a bakin kasuwar Gombe. Ban yi karatun boko ba, amma hannuna ya san aikinsa. Alhaji ba ya son sayar da garma tsurarta, sai saiti: garma ɗaya, bakinta ɗaya, sarƙa, kusoshi huɗu da sifana, in haɗa su in ɗaure da igiya. Duk saitin da na ɗaure sai in ja layi da gawayi a bangon ciki, goma-goma a jere.

Mai riƙe da makulli shi ne Malam Titus, mutumin Kaltungo, siriri, da fensir a kunne kullum. Yana zaune a teburin ƙofa da katunansa, kowane kaya da katinsa. Saiti ba shi da kati, don a cewarsa saiti ba kaya ba ne, taron kaya ne. In an sayi ɗaya, sai ya dubi takardar haɗi da ke manne a bango, ya bi kati biyar yana ragewa: ɗaya, ɗaya, ɗaya, huɗu, ɗaya. Mukan tsokane shi cewa ko tuwon matarsa sai ya shigar a kati kafin ya ci. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da rubutu.

Ranar da aka sauke sabon kaya a farkon damina, Alhaji ya ji maƙwabcinmu ya karya farashi. Ya tare ni a bayan sito ina alwala, ya ce daga yau in ƙara baki ɗaya a kowane saiti, gyara ce, manomi ba ya manta wanda ya yi masa gyara. Ya faɗa kamar mai ba da goro, ya shiga motarsa. Ni kuwa na bi umarni, ina cusa bakin na biyu a ƙarƙashin igiya. Ban gaya wa Titus ba. Me ya haɗa ni da takarda?

Wata Litinin da hantsi, Alhaji yana banki, wani babban manomi daga Kumo mai suna Jalo ya zo da a-kori-kura. Baki ɗari yake so, zalla, don mutanen ƙauyensu. Rabe, ƙanen Alhaji, shi ke tsaron shago. Mutum ne mai zuciya a kusa, irin wanda in ya yi tuntuɓe sai ya zagi dutsen. Ya tambayi Titus, Titus ya duba kati ya ce akwai ɗari da arba'in. Rabe ya bugi ƙirji ya ce a loda.

Na shiga na juye akwatin bakin garma. Ashirin.

Jalo ya yi dariya a gaban mutane, ya ce ashe shagon Katsinawa suna ne kawai. Wannan dariyar ita ta kunna Rabe. Ya shaƙo wuyan rigar Titus ya fizgo shi ta kan tebur, katuna suka watse a ƙasa. Marin farko ya cire fensirin daga kunnensa, na biyu ya fasa masa leɓe. Titus yana cewa a tsaya a ƙirga, a duba rasit, Rabe yana cewa makulli a hannun wa yake kwana. Wani daga waje ya ce ɓarawo, kuma a kasuwa wannan kalma ba ta komawa baki. Kafin ka ce kwabo 'yan dako da masu wucewa sun cika ƙofa, har da waɗanda ba su san ko garma aka sata ko akuya ba.

Rabe ya ce in riƙe shi. Na riƙe shi, Allah ya gani, na murɗe hannuwansa ta baya, don ni ma a lokacin na yarda ya ci. Haushi ma nake ji, ina cewa a raina duk wannan tsabtar rubutu ashe ta rufe ɓarna ce. Rabe ya ɗauko sarƙar garma ya ninka ta biyu. Ya zuba masa a haƙarƙari, na ji dukan ya ratso har ƙirjina. Ya ƙara. Titus ya sulale daga hannuna ya faɗi, ya miƙa hannun dama yana lalubar katin baki a cikin ƙafafun mutane. Rabe ya taka hannun, ya ɗauki bakin garma guda daga cikin ashirin ɗin ya sauke masa a kan yatsu. Ƙarar da na ji irin ta karan dawa ce in an karya shi.

Jalo, da ya ga abin ya wuce wasa, ya tambaya wai nawa ne ma suka ɓata. Titus, da jini a baki, shi ya ba da amsa.

"Ɗari da ashirin."

Daga inda nake tsaye ina hangen bangon ciki. Layukan gawayina tun ranar da aka sauke sabon kaya jere goma sha biyu ne cif. Saiti ɗari da ashirin ke nan, kowanne da bakin gyara. Ba zan yi ƙarya ba, na yi shiru na ɗan lokaci, ina tsoron sarƙar nan ta juyo kaina, kuma a cikin shirun nan Rabe ya ƙara masa shuri biyu. Shurin nan biyu alhakina ne, har gobe ina jin kunyarsu.

Sannan na kutsa ciki, na kinkimo saiti ɗaya na jefar a tsakiyar taron, na yanke igiyar. Baki biyu suka faɗo a kan siminti. Na ce kowane saiti haka yake fita tun farkon damina, Alhaji ne ya ce a ƙara. Rabe ya ce ƙarya nake, mun haɗa baki, ya kawo mini sarƙa a goshi, tabon yana nan. Amma Jalo ya riƙe hannunsa, ya ce saitin da ƙanensa ya saya a nan watan jiya baki biyu ne a ciki, har suna yabon Alhaji. Taron ya fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki.

Alhaji ya dawo ya tarar da mu a haka. Da aka gaya masa, ya dafe kai yana salati, ya ce shi ya faɗa, wallahi shi ya faɗa, bai ɗauka abin alheri sai an rubuta ba. Ya ce a ɗauki Titus a kai asibiti a motarsa.

Titus ya ce a dakata. Ya ce in ɗaga shi in kai shi jikin bango, in ba shi fensirinsa. Ni da na riƙe shi aka dake shi, ni na tallafe shi. Ya kama fensirin da hagu, ya soke ɗaya da ke gaban baki a takardar haɗi, ya rubuta biyu, karkatacciya kamar ta ɗan aji ɗaya. Ya ciro makulli ya ajiye a tebur.

"Malam Titus," na ce, "ka yafe mini."

"Da ka gaya mini, Sallau. Taku goma ne tsakaninmu."

Yatsunsa uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba, kuma bai dawo ba, ko da Alhaji ya aika har gidansa a unguwar Madaki sau uku. Sabon akawun da aka ɗauka ya so ya sake takardar haɗi da mai tsabta, na ce ya bar ta. Shekara shida na ƙara a sito ɗin, kullum ina wucewa ta gaban wannan biyun.