Gyaran da Gaisuwa Ta Rufe

Wasila na ganin saƙon imel ɗin Lukuman ranta ya ɓaci. Ita ce jami'ar wata ƙungiyar tallafin noma mai kula da manoman Tsafe, ita kuma ta yi wa matan Kucheri alkawarin irin gero ranar Alhamis. Shi ko Lukuman, sakataren ofishinsu na Gusau, wanda ko fartanya bai taɓa riƙewa ba, ya aika wa dukan ma'aikata, har da direbobi, cewa a Karakkai za a yi rabon. Ina Karakkai ta Bungudu, ina Kucheri ta Tsafe? Gusau ce fa a tsakaninsu.

Bara ma haka matan suka wuni a rana mota ba ta zo ba. Da ƙyar Wasila ta lallashi shugabarsu, Inna Safiya, wadda ta rantse in aka sake, ba mai ƙara fitowa. Ga shi ruwa ya sauka, kowa shuka yake jira.

Ta kira Lukuman, waya a kashe. In shi kaɗai ta ba amsa, sauran ba za su gani ba, dole ta danna wurin amsa wa kowa. Abin da ta fara rubutawa, da ya fita da sai an yi musu sulhu. Ta goge, ta haɗiye fushinta, don ba ta son ta tsinka shi a gaban jama'a. Ta fara da sallama, ta tambayi aiki da iyali, ta gode wa Malam Lukuman bisa ƙoƙarinsa. Can ƙasa ta ce akwai ɗan gyara: a Kucheri za a yi, ba Karakkai ba. Kan saƙon kuwa ta bar shi yadda yake, "Rabon iri a Karakkai".

Nan da nan amsoshi suka yi ta shigowa, wannan ya ce madalla, wancan ya ce Allah ya saka. Ta ɗauka kowa ya karanta.

Ranar Alhamis matan suka cika gindin bishiya da buhunansu. Hantsi ya wuce, azahar ta gabato, babu mota. Wasila ta kira Sama'ila direba, ya shaida mata tun safe yake Karakkai, bai ga kowa ba. Ta tambaye shi ko bai ga saƙonta ba. Ashe layin farko kawai wayarsa ta nuno masa, bai buɗe ba.

"Na ga gaisuwar da kinka aiko, Hajiya," in ji shi. "Iyali duk lahiya lau."

Wasila ta katse kiran. Kafin ta sauke wayar, Inna Safiya ta naɗe buhunta, ta saka a hammata ta kama hanya. Sauran matan suka tashi suka bi ta.