Dokin da Malam Dabo Ya Raina

Shekara guda cur na yi ina jiran Malam Dabo, kuma ba zan ɓoye ba, da mugun nufi na jira shi.

Bara ne, a gasar ces, wato darar Turawa, ta malaman makarantun Daura. Mutum ɗaya ake turawa Katsina. A wasan ƙarshe ya rage daga ni sai shi: ni da doki, shi da bishof, wanda ke tafiya a karkace. Tsakiyar allo fili fetal, sojoji a gefe da gefe. Bishof ɗinsa daga nesa yake gadin ɓangarorin biyu, dokina kuwa kafin ya yi tsalle uku ya isa, an gama da ni. Cin da ya yi min bai dame ni ba. Abin da ya ƙona min rai, ɗaga dokin da ya yi a gaban mutane ya ce, "Malama Siddiƙa, ki kai shi kasuwar Mai'adua, ko a samu mai saye." Aka fashe da dariya. Har ɗalibaina suka koma kirana Mai Doki.

Bana muka sake haɗuwa, kujerar Katsina dai ita ce a tsakani. Na san halinsa sarai: ya haddace cewa bishof ya fi doki, shi ke nan, ko a ina ne. Sai na miƙa masa musaya, na ba da bishof ɗina na ɗauke dokinsa. Har da murmushi ya karɓa, bawan Allah!

Bishof ɗin da ya rage masa a fararen gidaje kaɗai yake tafiya. Shi kuma yana son jera sojojinsa inda bishof zai kare su, wato a fararen. Na bar shi ya jera. Na tura nawa suka tokare su a baƙaƙen gidaje, tsakiya ta rufe ruf. Nan fa bishof ya zama kamar akuya a turke: sojojinsa sun tare masa hanya, nawa kuma bai isa ya taɓa su ba.

Na dasa dokina a baƙin gida a tsakiyar allo, inda babu sojan da zai kore shi. Sarkina ya bi baƙaƙen gidaje ya shiga bayan sojojinsa. Malam Dabo ya cire hula, ya mayar, yana ta kai bishof gaba da baya. Sojoji biyu yake karewa, ni kuma na far wa na uku. Sojan ya faɗi. Wani ya bi shi.

Ya kwantar da sarkinsa alamar ya sallama, ya yunƙura zai tashi ba ko kallo.

"Tsaya mana, Malam," na ce. Na ɗauki bishof ɗin na sa masa a tafin hannu. "Wannan kam ko a Mai'adua ba mai saye. Ka riƙe abinka."

Wallahi daɗin da na ji ya fi na kujerar Katsina.