Makin Si Rabah

Shekara goma sha tara Si Rabah yana duba jarrabawar falsafa ta gama sakandare a cibiyar Satif, kuma abu ɗaya yake tinƙaho da shi: da wuya takardunsa su je tebur na uku.

Kowace takarda malamai biyu ke duba ta, ba wanda ya san makin da ɗan'uwansa ya bayar, ba wanda ya san sunan ɗalibi. In makin ya yi kusa, a haɗa a raba biyu. In tazarar ta wuce huɗu cikin ashirin, sai a kai wa mai dubawa na uku, a ɗauki nasa da wanda ya fi kusa da shi. Bana kujerar nan ta uku ba kowa a kanta, kuma Si Rabah ya riga ya zauna a kai a ransa.

Sai ga Sufeto Tayib, shugaban cibiyar, ya ɗora Ustaza Wahiba a bakinsa. Wahiba ta ce kaza, a tambayi Wahiba. Yarinyar da shekararta shida kacal da fara dubawa! Ko gahawa ta kurɓa sai Si Rabah ya ji kamar daga kofinsa ta sha. Yana jin haushinta, ya kuma san hassada ce, sanin bai rage masa komai ba.

Ranar farko ya bi sufeton har ofis.

"Si Tayib, ba gulma na kawo ba. Bara takarduna uku suka je tebur na uku. Nata fa? Arba'in da ɗaya! Wanda bakinsa bai zo ɗaya da na kowa ba, shi zai raba gardama?"

"Allah ya ƙara basira, Shaihi," in ji sufeton. "Zo mu gwada awo."

Ya kira Wahiba, ya ba kowannensu kwafin takardu biyar da kwamiti ya riga ya yanke musu maki: huɗu, takwas, sha biyu, sha biyar, sha takwas. Bai faɗa musu ba sai da suka gama. Wahiba ta kuskure ɗaya da maki biyu, sauran duk ta faɗa kusa. Na Si Rabah kuwa: tara, goma, sha ɗaya, sha biyu, sha biyu.

Da ta fita, sufeton ya tura ƙofa.

"Shaihi, ka ga dalilin da ba ka saɓawa da kowa? Tsakiya ka kafa tanti. Mai ba da sha ɗaya kullum, ai sai ɗayan ya yi ƙasa da bakwai ko ya haura sha biyar kafin a ji ɗuriyarsa. Yaron da ya ci sha takwas, abokin aikinka ya ba shi sha shida, kai sha biyu, ya tashi da sha huɗu, shiru kake ji. Cikin arba'in da ɗayan Wahiba, talatin da huɗu mai dubawa na uku ita ya bi."

Wahiba aka ba kujerar. Ta kawo tiren makrud, cincin mai dabino da zuma, ta tsaya a kan Si Rabah.

"Ustaz, ɗauki biyu mana."

"Sukari gare ni," ya ce, alhali lafiyarsa ƙalau.

To, hassada ma wani lokacin takan yi noma. Si Rabah ya rantse sai ya nuna musu shi ma yana da ido. Ya koma karanta kowace takarda har ƙarshe, abin da ya daɗe bai yi ba. Wata yarinya, ko yaro, Allah masani, ta warware tambayar 'yanci da tilas, hujja na bin hujja, ba haddar littafi ba. Hannunsa ya nufi sha biyu don sabo. Ya dakata, ya rubuta sha bakwai kamar mai yin sata. Wani ya cika shafi shida da surutu, ya ba shi huɗu.

Da aka haɗa makin malamai biyu-biyu, takardunsa goma sha ɗaya suka wuce tazara. Yana kallo aka ɗauke su aka ajiye gaban Wahiba. Kwana biyu yana satar kallonta, tana juya shafi da kan biro a baki, ba ta ma san cewa nasa ne ba.

Ranar rufewa sufeton ya tare shi a tsakar makaranta, fuska a sake.

"Barka, Shaihi! Cikin sha ɗaya, tara kai Wahiba ta bi. Har mai sha bakwai ɗin, sha bakwai da rabi ta bayar. Na gaya wa kwamiti, makin Si Rabah bana abin dogaro ne, ya yi daidai da na Wahiba."

Si Rabah ya buɗe baki zai ce nata ne ya yi daidai da nasa. Sai ya tuna wa ke kan kujerar.

"Na gode," ya ce.