Zabarmancin Malam Illo

Yabo ya tabbata ga Allah Mai bambanta harsuna, tsira ga Manzonsa.

Farkon mulkin kai, Malam Illo ya daɗe a unguwar Boukoki, amma Zabarmancinsa bai wuce gaisuwa da ciniki ba, domin da ya kakare sai a juya masa Hausa. Ga azumi ya matso, Zabarmawan Goudel na jiran wa'azinsa. Zama ya gagare shi.

Sai ya shiga taya wani tsoho, Sumana, ban ruwan lambu, don tsohon ba ya jin Hausa. Kullum yana maimaita masa ƙissar Annabi Yusufu da Zabarmanci, tsohon yana gyara masa.

Wata rana Sumana ya manta da gyara, ya aje guga, ya ce, "Malam, yi sauri mana! Wa ya fid da yaron daga rijiya?"

Azumin nan Illo ya yi wa'azinsa da Zabarmanci.

Allah Ya jiƙan su, Ya buɗa wa mai karatu.