Gaton Sha Huɗu ga Wata

Rahama ta shekara huɗu tana gasa burodi a Magariya kafin ta sayi gwangwanayen gato, wato kek, masu siffar zuciya. A Kano ta gan su lokacin da ta je bikin ƴar ƙawarta, ta ɗauko guda ashirin. Niyyarta ita ce ta yi rangwame ranar sha huɗu ga Fabrairu, ranar da samarin gari ke ce wa Balantan a waya, amma ba su faɗa a gaban manya.

Sai dai shagon ba nata ba ne. Na Kawu Isufu ne, yayan mahaifiyarta, wanda ke cikin kwamitin masallacin Juma'a na unguwar, kuma sahun gaba ne wurin zamansa tun kafin a haife ta. Don haka kafin ta kai takardar talla wurin mai bugawa, ta kai masa ita a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya sa tabarau, ya karanta a hankali yana motsa leɓe.

"Wannan kalmar Balantan, a cire ta," in ji shi.

"To, Kawu."

"Masoya ma a cire. Soyayya a cire. Jan launin nan kuma na mene ne? Gobara ake yi?"

"Sai a mai da shi ruwan goro."

Ya juya takardar ya dubi hoton gaton a kife, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi saurin mai da ita daidai yana istigfari.

"Kada ki yarda a manna ta a kife," ya ce. "Mene ne wannan ɗin?"

"Zuciya ce, Kawu."

"Na sha yanka rago. Ban taɓa ganin zuciya haka ba."

Da suka gama, abin da ya rage a takardar shi ne: "Ranar 14 ga wata, magidanci ya tuna da iyali. Gato da rangwame, za a rubuta sunan mai ɗakinka kyauta." Kawu ya ƙara sharaɗi: ma'aurata kaɗai. Rahama ta tambaye shi yadda za ta gane mai aure. Ya ce ta dubi fuskar mutum, mai aure ba ya ɓoyuwa.

An manna takardu a tasha da bakin kasuwa, ta kuma tura hoton a wasaf. Kwana biyar mutum uku kaɗai suka yi oda, ɗayansu ma ya ɗauka gaton suna ne. Duk da haka ta sayi ƙwai da bota da fulawa, ta cika tukunyar gas. Ba ta yi kirim ba, don ta san wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, firji na tsayawa zai narke. Sukarin ado ta kwaɓa, mai bushewa a jikin gato. Ranar ta faɗo Juma'a. Tun bayan asuba take gasawa, kafin hantsi gato arba'in na shan iska a kan tebur, babu mai saye.

Liman ne ya cece ta, ba da niyya ba. A huɗubarsa ya yi tir da bikin da aka aro daga waje, ya ja kunnen samari da ƴammata, sannan ya ce ya ji har wani gidan burodi kusa da tasha ya shiga ciki, wai gato mai ƙwai da bota, wai da rangwame. Ya ce bai ce haram ne mutum ya kyautata wa iyalinsa ba, hasali ma lada ne, amma me ya sa sai yau? Lasifika ta kai maganar har bayan kasuwa. Kawu Isufu na sahun gaba yana kallon babban yatsan ƙafarsa.

Ana sallamewa, mutane suka fara biyowa ta ƙofar shagon, kowa da dardumarsa a kafaɗa. Duk wanda ya shigo sai ya ce burodi ya zo saye. Sai an ƙunshe masa burodin ya dubi tebur, ya ce, "Wannan ne abin da Malam ya faɗa? To, sa mini ɗaya in gani."

Wurin rubuta suna aka sami cikas. Na farko shi ne Hamisu mai kabu-kabu, shekararsa goma sha ɗaya da aure. Rahama ta ɗauki ledar sukarin ado ta ce, "Wane suna zan sa?"

Ya waiga ya ga layin mutane a bayansa, har da surukinsa.

"Ai kin san ta."

"Na san ta, amma kai za ka faɗa."

"Ni ban taɓa kiran sunanta a bainar jama'a ba."

"To, a gida me kake ce mata?"

Ya sassauta murya. "Ke," ya ce.

Rahama ta rubuta KE da manyan haruffa, ta zagaye shi da fure. Na bayansa ya leƙa, ya ce shi ma irin wannan. Kafin la'asar ta rubuta KE sau goma sha tara, UWAR YARA sau shida, SANNU DA AIKI sau huɗu. Wani dattijo daga garin Dantchiao ya ce a rubuta YI HAƘURI, bai yi bayani ba, ita ma ba ta nema ba. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya rantse yana da aure, ya nemi a sa SALIMA, TAURARUWATA. Yadda sunan ya fita daga bakinsa babu gargada ya sa ta gane ƙarya yake yi, ta sayar masa da burodi ta sallame shi. Gato ya ƙare tas.

Washegari da hantsi tana kankare gwangwanaye sai ga Kawu Isufu ya shigo ta ƙofar baya, wadda ake sauke fulawa. Ya ƙi zama. Ya ce matarsa Inna Ɗela ba ta yi masa magana ba tun jiya. Maƙwabta uku sun aiko mata da ɗanɗano a faranti, kowace da bayanin abin da aka rubuta mata. Da safe ta ajiye masa kunu babu ƙosai.

"Shekara arba'in da ɗaya," ya ce, "ba ta taɓa tambayata gato ba."

"Yanzu ma ta tambaya?"

"Da ta tambaya ai da sauƙi."

Ya gyara hula, ya ce ya yi nazarin abin. Yau sha biyar ga wata, ba ranar kowa ba ce, saboda haka babu shubuha. A gasa masa ɗaya.

"Amma rangwamen na jiya ne, Kawu."

"Rangwamen ba shi ne matsalar ba. Shi a bar shi yadda yake."

Ta kunna tanda, ta fasa ƙwai. Yana tsaye har gaton ya gasu, ta juye shi ya huce. Ta ɗauki ledar sukari tana jira. Kawu ya leƙa waje ya tabbatar babu kowa, ya karɓi ledar daga hannunta, ya ce ta juya baya. Ta ji numfashinsa yana fama da ita kusan minti biyar. Da ya gama ya rufe kwalin da kansa, ya ɗaure da zare, ya cusa shi ƙarƙashin babbar riga, ya fita yana tafiya a karkace kamar mai ciwon haƙarƙari.

Rahama ba ta ga rubutun ba. Bayan sati ta tambayi Inna Ɗela, ita kuwa ta ce da ajami ya yi shi, kuma rabinsa ya manne a murfin kwalin, amma ta karanta abin da ya saura, kuma ba na yara ba ne.