Kibod Ɗin Shagon Ja'afaru

Ja'afaru mutum ne mai son a yaba kayansa, wannan kam duk Tudun Wada an sani. Shagonsa na buga takardu da fotokwafi bai fi ɗakin gwauro ba, amma ranar da ya sayo kibod da maus marasa waya sai da ya kira har mai shayin da ke gefensa ya zo ya gani. Ya haɗa su da kwamfutar lungu, wadda ake sikanin da kwafe hotunan biki a kanta, ya soke 'yar na'urar da ke karɓar saƙonsu a bayan kwamfutar, can ƙarƙashin tebur, cikin cunkoson wayoyin firinta da sikana da modem. Hilda, mai buga masa takardu, ta ce ita a bar ta da tsohon kibod ɗinta mai waya, ta saba da shi. Haka sabon ya yi watanni a kunne, ba a taɓa shi sai in za a rubuta sunan fayil.

A shekarun nan ne mutanen Borno suka yi ta shigowa Gombe da abin da suka iya ɗauka a ka. Cikinsu akwai Yagana, wadda ta yi shekaru tana buga takardu a ofishin wata makaranta a Bama kafin a tarwatsa garin. Mijinta bai fito ba. Ta sauka da 'ya'yanta biyu a Tumfure, gidan gwaggonta Gumsu, gidan da ya riga ya cika har zaure. Mijin Gumsu bai ɓoye mata ba: in ta sami aiki ta kama ɗaki kusa da su, in ba ta samu ba, bayan Sallah za ta bi motar 'yan'uwa zuwa sansanin gudun hijira a Maiduguri. Hilda ce ta ji labarin wurin wata maƙwabciya, ta kawo ta shagon.

Ja'afaru ya ji tausayinta, gaskiyar magana. Ya ce ta yi kwanaki tana gwadawa, kamar yadda ake yi wa kowane sabon hannu. Kuma don ya karrama ta, sai ya zaunar da ita a gaban sabon kibod, yana ta bayani cewa irinsa ba ko'ina ake samu ba, ko daga bakin ƙofa ka latsa sai ya rubuta. Lokacin bukukuwa ne, don haka kullum akwatin ajiyar hotuna na soke a ramin da ke manne da 'yar na'urar nan, yana ta kwafe hotunan amare.

Yatsun Yagana gudu suke yi, har Hilda ta ɗago kai ta duba. Amma abin da ke fitowa a allo, wayyo. Kalma ta fito babu harafin tsakiya, wata ta tsaya cak sannan haruffan su zubo a tare, wani harafin ya maimaita kansa har rabin layi. In ta kai hannu ga maus don ta gyara, kibiyarsa da ke kan allo ta daskare, can kuma ta yi tsalle ta faɗa wani sakin layi. Ta goge, ta sake, ta goge. Aikin da ya kamata ta gama kafin azahar sai la'asar ta same ta a kansa, gumi na bin goshinta.

Ko sau ɗaya ba ta ce kayan ne ba. Ina za ta iya? Mutum ya ba ka kujera, ya ba ka abin da ya fi ji da shi a shagonsa, kai kuma baƙo mai neman alfarma, ka buɗe baki ka kushe? Ja'afaru kuwa yana can wajen injin fotokwafi, takardar da aka buga kawai yake gani. Da wani ɗalibi ya dawo da aikinsa yana faɗa, sai Ja'afaru ya yanke hukunci a ransa, irin wanda kowa ke yankewa a lokacin: wadda ta ga abin da ta gani a hanya, ai hankalinta bai gama dawowa jikinta ba. Ya kira ta gefe ya gaya mata hakan da lallashi, ya ce ta je ta huta tukuna.

"Haka ne, Yallaɓai," in ji ta, tana kallon tafin hannunta. "Ni ma na lura. Da ba haka nake ba."

Kujerar ya ba wa Saifullahi, ƙanen matarsa, wanda da yatsa biyu yake bugu, yawanci ma a kwamfutar Hilda in ta tashi. Sai bayan Sallah, ran da Hilda ta tafi jana'iza Kaltungo kuma Saifullahi na kan tata kwamfutar, Ja'afaru ya zauna da kansa a lungu zai buga wa wani takardar gayyata. Ya rubuta layin farko, ya duba, haruffa sun zube. Ya sake, kibiyar maus ta yi masa tsalle. Ya yi tsaki ya aika aka kira Titus mai gyaran kwamfuta.

Titus bai ko zauna ba. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya yi dariya, ya ce an binne 'yar na'urar a bayan ƙarfe, ga kuma akwatin hotuna a jikinta, irin mai saurin nan mai shuɗin baki, wanda in yana aiki yake damun saƙon kibod da maus. Ya zare na'urar ya mayar da ita ramin gaba inda ba komai, ya buɗe cikin kibod da maus ya fitar da batir ɗin da suka zo da su tun daga kanti, duk sun yi sanyi, ya sa sababbi. Ya ce a gwada. Ja'afaru ya buga layi uku, ko harafi ɗaya bai faɗi ba. Ya tambayi Titus ko abin zai fi bayyana ga mai saurin hannu, Titus ya ce ƙwarai, wanda ke dangwala sunan fayil ba lalle ya lura ba.

Kunya ta kama Ja'afaru, da baƙin ciki, don ya san ko minti ɗaya ya zauna a kujerar nan lokacin da ya gani. Washegari ya karɓi kwatance wurin Hilda ta waya, ya hau keke napep har Tumfure, ana ta ratsa gonaki da sababbin gine-gine, yana ta shirya yadda zai ba da haƙuri.

Gumsu ce ta fito zaure. Ta ce Yagana ta bi motar Maiduguri da yaran tun makon jiya. Ta ce kafin tafiyar wata makarantar kuɗi a nan Tumfure ta nemi mai buga takardu, har gida aka zo, Yagana ta ce a ba wani, ita hannunta ya lalace, ba za ta ɓata wa mutane aiki ba. An yi mata rubutu ta sha, an shafa mata magani a yatsu, duk an yi.

Ja'afaru ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohuwar ta dube shi.

"Batir?" ta ce. "Irin na rimot?"

"Shi, Inna. Da kuma inda na soke abin. Ki ba ni lambarta in gaya mata da bakina."

Ta shiga ciki ta fito da wayarta, ta karanto masa lambar, ya shigar a tasa. Sannan ta ce, "Ga ta nan, ɗan nan, ba zan hana ka ba. Amma ta tafi da haƙurin cewa ciwo ne Allah Ya ɗora mata, da shi take iya kwana a tanti. Kana da kujerar da za ka dawo da ita?"

Ja'afaru ya tuna Saifullahi da ke kan kujerar, ya tuna matarsa. Gumsu ta gyara mayafinta ta koma ciki, ta bar shi tsaye a zaure da wayar a hannu.